Magungunan fangas uku: inda kowanne ke duka da abin da yake jawo wa jiki

Kashe ƙwayar bakteriya ya fi sauƙi a kan kashe fangas, domin ginin ƙwayar bakteriya ya yi nisa da namu. Fangas kuwa, dangin funfunar da ke fitowa a kan burodi da ƙwayoyin da ke kawo makero da ƙyasbi, tsarin ƙwayar halittarsa ya yi kusa da na ɗan Adam, har abin da zai kashe shi yakan taɓa mu. Shi ya sa manyan magungunan da ake ba wanda fangas ya shiga jininsa ko ƙwaƙwalwarsa ba su wuce gida uku ba: azol, foliyen da ekinokandin. Illar kowanne tana bin kamannin da ke tsakanin abin da yake hari da abin da ke jikinmu.

Ƙwayar fangas tamkar gida ce mai katanga a waje da bangon ɗaki a ciki. Katangar an gina ta da wani sinadari mai suna gulukan, wanda babu shi a jikinmu ko kaɗan. Bangon ciki kuwa, wato siririyar fatar da ta lulluɓe ƙwayar, yana ɗauke da wani kitse, agosterol, ɗan'uwan kolesterol da ke cikin fatar ƙwayoyinmu.

Foliyen, wato amfoterisin B da nistatin, agosterol suke kamawa kai tsaye. Suna manne masa, su huda fatar ƙwayar, abin da ke ciki ya tsiyaye, ta mutu. An samo amfoterisin a shekarun 1950 daga wata bakteriya da ke cikin ƙasar bakin kogin Orinoko a Benezuwela, kuma har yau kaɗan ne fangas da ke iya jure masa. Matsalar ita ce yakan kama kolesterol ɗinmu ma, kuma ƙoda ce ke shan wahalar. Nistatin ya fi shi dafi idan aka sa a jijiya, don haka aka bar shi a shafawa da ɗigawa a bakin jariri mai farin baki, tunda hanji ba ya tsotse shi.

Azol ba sa huda komai. Hana ƙera agosterol suke yi, ta hanyar toshe wani sinadarin aiki da fangas ke amfani da shi. Fulukonazol, itirakonazol da borikonazol duk 'yan gidan nan ne. Sau da yawa tsayar da girman fangas suke yi, su bar wa garkuwar jiki ƙarasa aikin. Sai dai wannan sinadarin da suke toshewa yana da dangi a hantarmu, kuma dangin nan su ke narkar da magunguna da yawa. Wanda ke shan wafarin, maganin tsinka jini, idan aka ɗora masa fulukonazol, wafarin zai taru a jikinsa har ya fara haɓo ko fitsarin jini. Azol kan taɓa hantar kanta, kuma suna iya dagula bugun zuciya. A 2013 hukumar magunguna ta Turai ta dakatar da ketokonazol na haɗiya saboda lahanin hanta, ko da yake na shafawa da na wanke kai suna nan a kemis.

Ekinokandin su ne auta. Kasfofanjin, na farkonsu, ya fito a 2001. Katangar suke rushewa ta hanyar hana ƙera gulukan, kuma da yake ba mu da katanga, illarsu kaɗan ce. Amma ta jijiya kawai ake ba da su, suna da tsada, kuma ba sa isa ruwan ƙwaƙwalwa ko fitsari yadda ya kamata.

Mai karatu zai ce to a riƙa ba kowa ekinokandin mana. Ga inda lissafin ke rushewa. A ɗauki mutum mai nauyin kilo 60, mai cutar ƙanjamau da garkuwarsa ta yi ƙasa sosai, ya yi mako biyu yana ciwon kai, ga amai, har ya fara ruɗewa. An ɗebi ruwan bayansa, gwaji ya nuna kiriftokokas, fangas ɗin da ke kawo sanƙarau, wanda yana cikin manyan masu kashe masu ƙanjamau a Afirka. Ekinokandin ba zai yi masa komai ba: wannan fangas ba ya jin sa, kuma maganin ma ba zai kai inda cutar take ba. Fulukonazol yana shiga ƙwaƙwalwa sosai, ga araha, ga shi ƙwaya ce ta haɗiya, amma shi kaɗai yana da sanyin aiki, kuma an fi mutuwa idan aka dogara da shi kawai. Dole a koma ga amfoterisin, mafi dafi a cikinsu.

A tsohon tsari, za a ba shi miligiram 1 a kowane kilo, wato 60 kullum, har kwana bakwai, tare da wani magani na daban mai suna fulusaitosin. Ana haɗa amfoterisin a ruwan sukari na kashi 5, ba a ruwan gishiri ba, domin a gishiri yakan dunƙule. A bar shi ya sauka a hankali, kamar awa huɗu. Kafin kowane zubi kuma ana fara ƙara wa majinyaci lita ɗaya ta ruwan gishiri don kare ƙoda, a ba shi fotasiyam da maganiziyam, saboda maganin yana sa ƙoda ta zubar da su a fitsari.

Masu jinya sukan firgita da zazzaɓi da makyarkyatar da ke kama mutum ana cikin ƙarin ruwan. A ganina ba nan ne abin tsoro yake ba. Wannan yakan lafa. Abin da ke kisa shiru yake zuwa. Fitsari ya ragu, wato ƙoda ta taɓu; ƙafafu su yi sanyin ƙarfi, tsoka ta riƙa ɗaurewa, wato fotasiyam ya faɗi, kuma idan ya faɗi da yawa zuciya na iya tsayawa. Don haka ake ɗibar jini aƙalla sau biyu a mako a duba fotasiyam da kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda, a kuma duba yawan jini, tunda maganin yana rage shi. Idan kiriyatinin ya ninka, sai a tsallake zubi, a ƙara ruwa, a sake gwaji. Asibitin da ba shi da ɗakin gwaji mai aiki, ba da wannan magani a cikinsa kasada ce.

Mafita ta zo ne daga sauya wa maganin riga. An naɗe amfoterisin a cikin ƙananan ƙwallayen kitse da ake kira lifosom, yadda ba ya saurin manne wa ƙwayoyin ƙoda. Wani babban gwaji da aka yi a Botsuwana, Malawi, Afirka ta Kudu, Yuganda da Zimbabuwe ya nuna cewa zubi ɗaya tak na wannan nau'in, miligiram 10 a kowane kilo, ya ceci rayuka daidai da tsarin kwana bakwai, kuma da ƙarancin illa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a gaba. Mutuminmu ke nan zai karɓi miligiram 600 sau ɗaya, sannan kwana 14 na fulusaitosin da fulukonazol miligiram 1,200 a rana. Daga nan fulukonazol 800 na mako takwas, sai 200 kullum har garkuwarsa ta farfaɗo.

Ko a nan ba a rabu da sa ido ba, wurin kallon ne ya tashi daga ƙoda ya koma hanta. Idan idonsa ya yi ɗorawa ko fitsarinsa ya yi duhu, a koma asibiti a ranar. In kuma yana da tarin fuka, abin da ya zama ruwan dare ga masu ƙanjamau, rifamfisin da yake sha zai sa hanta ta riƙa narkar da fulukonazol da sauri, har adadinsa a jini ya ragu. Likitan da aka sanar da shi cewa majinyaci yana kan maganin tari yakan ƙara adadin fulukonazol ɗin.