Layi Huɗu na Farko: Yadda Ake Mayar da Takardar Neman Aikin Gwamnati Zuwa Hausa

Wata Asabar da hantsi 'yar ƙanwata ta shigo mini da takardu biyu. Ɗaya takardar neman aiki ce da ta rubuta da Turanci zuwa ga hukumar ɗaukar ma'aikata ta jiharmu, tana neman gurbin jami'ar yaɗa labarai. Ɗayar kuwa fassararta ce, domin aikin ya ƙunshi rubuta sanarwa da Hausa, kuma an ce kowa ya haɗo da kwafin Hausa a ga hannunsa.

Ta ce, "Kawu, duba mini. Na san akwai abin da bai zauna ba, amma na kasa gane ko mene ne."

Ga yadda sakin layinta na farko yake: "Ƙaunataccen Yallaɓai, tare da nuni zuwa ga tallarka a cikin jarida, ina fata a nan in nema domin matsayin da aka ambata a sama a cikin ma'aikatarka mai kima."

Kowace kalma a ciki Hausa ce. Sai dai in ka karanta wa tsohon akawun En'e, zai ɗago kai ya ce ka sake faɗa. Riga ce ta Hausa aka ɗora wa jikin Turanci, har ana ganin ƙasusuwan ta ciki. Wanda ya san Turancin ofis zai iya mayar da kowace kalma gurbinta ba tare da ya ga asalin takardar ba, kuma wannan ita ce alamar farko ta fassarar da ba ta nuna ba.

A Nijeriya da Turanci ake neman aikin gwamnati, tarayya ko jiha, kuma galibi yanzu ta cike fom ne a intanet. To amma fassarar irin wannan takarda ba ta rasa masu bukata. Akwai masu neman aiki a sashen Hausa na gidan rediyon gwamnati, da masu son koyar da Hausa, da ɗaliban da fassara da rubutun wasiƙa ke jiransu a jarrabawa. A Nijar ma, inda kundin da aka fitar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, maganar Hausar ofis ta wuce hirar malamai.

Na ce mata ta ajiye biro tukuna, mu tambayi sakin layin aikin da aka aiko shi ya yi. Aikinsa shi ne ya sanar da mai karatu gurbin da ake nema, da inda aka ga sanarwarsa, da wanda yake nema. Jami'in da takardu ɗari suka taru a gabansa ba ya neman fiye da haka kafin ya san fayil ɗin da zai jefa takardar. Duk abin da ya taimaka wa wannan aiki sai a ɗauko shi daidai, sauran kuwa ladabi ne, kuma kowane harshe da nasa.

Muka fara da gaisuwa. Kalmar da Bature ke sa wa kafin "Yallaɓai" asalinta na nufin abin ƙauna, amma ta daɗe da bushewa, har wanda ka kai ƙara kotu za ka iya rubuta masa ita. A Hausa kuwa "ƙaunatacce" da ransa yake. Budurwa ta rubuta wa shugaban hukumar da ba ta taɓa gani ba cewa shi ƙaunatacce ne, ai an shiga wani zance. "Yallaɓai" kaɗai ya isa, ko "Ranka ya daɗe".

Nan take wata matsala ta ɓullo wadda Turanci ya ɓoye. Kalma ɗaya Bature ke amfani da ita ga namiji da mace da jama'a, mu kuwa dole mu zaɓa tsakanin ka da ki da ku. Ita ta rubuta "tallarka" da "ma'aikatarka", ba ta ma bincika ko mace ce ke riƙe da kujerar ba. In an san mai kujerar, sai a gaishe shi ko ita yadda ya dace: ranka ya daɗe, ranki ya daɗe. A jikin takardar kuwa na fi son "ku", ko ma a ambaci hukumar da sunanta, domin sanarwar ta hukuma ce, ma'aikatar kuma ba gadon gidan kowa ba ce. "Ku" tana ɗauke da girmamawa, tana kuma tsare ka daga kiran Hajiya da "ka".

Sai "talla". Kalmar Turancin ta haɗa tallan sabulu da sanarwar guraben aiki a tukunya ɗaya. Hausa ta raba su. Talla na mai tallan goro ne da mai kamfanin taliya; gwamnati sanarwa take bayarwa. Haka "tare da nuni zuwa ga", wanda ba wanda ya taɓa furta shi a bakin kasuwa ko a zauren sarki. Abin da muke cewa shi ne "dangane da", ko "bisa ga". Ita kuma "a nan", an ɗauko ta ne daga wata kalmar lauyoyi mai nufin "da wannan takarda nake aikata abin da na faɗa". A Hausa "a nan" wuri take nunawa, sai mai karatu ya waiga ya ce, a ina? "Na rubuto" ta ɗauke wannan nauyi gaba ɗaya, domin wasalin da ke ƙarshenta ya riga ya nuna cewa rubutun ya taso daga wurina zuwa wurinku.

"Ina fata in nema" ya fi ba ni dariya. A Turancin ofis sassauta murya ne kawai. A Hausa kuwa mai fata bai yi ba tukuna, kamar mai fatan zuwa Makka baɗi. Wanda takardarsa ke kan tebur ya riga ya nema.

Da ta ga duk na tsige mata waɗannan, sai ta karkata ɗaya ɓangaren. Ta ce, "To Kawu, in sa bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya iyali?" Wannan shi ne rami na biyu, kuma waɗanda Hausarsu ta fi kyau sun fi faɗawa cikinsa. Muna da tsohuwar al'adar wasiƙa tun zamanin ajami, inda ake cewa takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, a jero gaisuwa da addu'a, sannan a ce "bayan haka" a shiga magana. Tana da kyau a wasiƙar ɗa zuwa ga mahaifinsa. Amma mai fassara amana aka ba shi, ba shi da ikon ƙara tambayar iyali inda asalin takarda bai tambaya ba. A ganina "Bayan gaisuwa da girmamawa" ta wadatar. Kalmomi huɗu ne, sun biya haƙƙin kunnen Bahaushe, wanda ke jin shiga magana ba sallama kamar faɗo wa mutum ɗaki ne, kuma ba su ci wurin abin da ke tafe ba. Haka kuma ban yarda a mayar da ladabi bara ba. "Ku taimaka mini don Allah, ni marainiya ce" ba ya cikin Turancin, kuma yana sauya matsayin mai nema daga wadda ta cancanta zuwa wadda ake tausayi.

Inda muka fi daɗewa shi ne sunan muƙamin, domin nan ne kuskure ke da tsada. Ita ta rubuta "matsayin da aka ambata a sama" ta wuce. Aikin gwamnati a Nijeriya tsani ne mai matakai daga 01 zuwa 17, kuma mai digiri na farko yakan shiga ne a mataki na 08. Gurbin da take nema shi ne Jami'in Yaɗa Labarai na II. Wanda bai san tsarin ba zai ɗauka na II ya fi na I, alhali na I shi ne gaba, a mataki na 09. In mai fassara ya ga lambar kamar ado ce ya yar da ita, ya bar takardar tana lilo tsakanin kujeru biyu. Can sama ma haka abin yake: a tarayya akwai muƙamai biyu a ƙarƙashin darakta, ɗaya a mataki na 15 ɗaya a na 16, Turanci ya ba su suna daban-daban, amma a bakin yawancinmu duka "mataimakin darakta" ne. Wasu kan kira na 16 "muƙaddashi", sai dai ita ma kalmar ana amfani da ita ga mai riƙon ƙwarya. Lambar mataki ce ke raba gardama, saboda haka ba a taɓa ta, ba a kuma rubuta ta da kalmomi.

Akwai kuma bambancin gurbi da muƙami da matsayi. Gurbi shi ne wurin da babu kowa, shi ake sanarwa a cike. Muƙami sunan kujerar ne. Matsayi kuwa ya fi faɗi, har ra'ayin mutum a kan wata magana matsayinsa ne. Mai neman aiki gurbi yake nema.

Jimla ta biyu ta Turancinta ta faɗi asalinta da karatunta da hidimar ƙasa. A nan ta kwafo daga takardar yayanta, ta rubuta "ni ɗan asalin jihar nan ne". Turanci bai tona mata asiri ba, Hausa ta tona. Maganar asali kuwa ba a wasa da ita, domin sai an nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma, kuma dole abin da aka rubuta ya dace da ita harafi da harafi. Shirin nan da aka kafa a 1973, wanda jama'a suka saba kira "bautar ƙasa", na ce ta rubuta "hidimar ƙasa", tunda da yawa ba sa son jingina bauta ga wanin Allah, kuma ba ta san hannun da takardar za ta faɗa ba. Sannan ta kula da ƙugiya. Wayarta ta cinye lanƙwasar ƙ, ta bar ta tana yi wa "kasa" hidima, macijiyar nan mai barci a kan hanya. Ga mai neman aikin rubuta sanarwar Hausa, wannan kaɗai ya isa a ture takarda gefe.

Bayan kusan awa ɗaya, ga abin da ya rage a kan takarda:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, na rubuto ne domin neman gurbin Jami'in Yaɗa Labarai na II, mataki na 08, bisa ga sanarwar da hukumarku ta fitar a jarida ranar 5 ga Maris. Ni 'yar asalin wannan jiha ce, ina da digiri na farko a fannin aikin jarida, kuma na kammala hidimar ƙasa."

Ta lura mun juya tsarin. Turancin ya fara da sanarwa ya ajiye buƙata a ƙarshe, mu kuwa mun sa buƙatar gaba, yadda mutum ke faɗin abin da ke tafe da shi da zarar an gama gaisawa. Ta kuma tambaya me ya sa muka bar "Jami'in" alhali ita mace ce. Na ce sunan kujera ne kamar yadda aka sanar da ita, sai ta hau sannan ta zama jami'a.

Sai na sa ta ta kai wa kakarta, wadda ba ta yi boko ba, ta karanta mata da ƙarfi sau ɗaya. Tsohuwa ta saurara, ta ce, "Aikin labarai kike nema a gwamnati, kin gani a jarida. To shi mataki na takwas ɗin nawa ake biya?"