Me Ya Sa Masana Ba Sa Lissafa Ƙwarya Cikin Ganguna? Bayani Kan Rabe-raben Kayan Kiɗa

Duk wanda ya taɓa jin kiɗan amada irin na marigayiya Barmani Choge zai iya rantsuwa cewa ƙwaryar da ake bugawa 'yar uwar ganga ce. Amma a rajistar gidajen adana kayan tarihi da littattafan nazarin kiɗa, ƙwarya da kalangu ba gidansu ɗaya ba. Dalili shi ne tsarin da masana ke bi bai dubi kamannin abin kiɗa ko yadda ake kaɗa shi da farko ba. Tambaya ɗaya yake fara yi: wane sashe ne yake girgiza har sauti ya fito?

Masana biyu, Erich von Hornbostel da Curt Sachs, su ne suka wallafa wannan tsari cikin harshen Jamusanci a shekarar 1914. Sun ɗora ne a kan aikin Victor-Charles Mahillon, wanda ya kula da gidan adana kayan kiɗa na birnin Brussels. Sun kasa kayan kiɗa gida huɗu, kowane da lambarsa.

Gida na 1 shi ne idiyofon, wato abin da jikinsa da kansa ke ba da sauti, ba tare da an ɗaura masa fata ko tsirkiya ba, kamar kuge da ƙararrawa. Gida na 2 shi ne membiranofon, inda fatar da aka ɗame ce ke girgiza, kamar kalangu da tambari da kotso. Gida na 3 shi ne kodofon, na masu tsirkiya irin su goge da garaya da gurmi. Gida na 4 kuwa eyarofon ne, inda iska ce ke girgiza, kamar a kakaki da algaita da sarewa. Daga baya an ƙara gida na 5 domin kayan da lantarki ke samar musu da sauti.

Da wannan ma'auni, matsayin ƙwarya ya fito fili. Ba ta da fata ko kaɗan, ɓawonta ne ke amsa bugu, saboda haka idiyofon ce, ko an kife ta a ƙasa ko a kan ruwa. Ruwan yana sauya amon ne kawai. Haka abin yake ga ekwe na ƙasar Ibo, gungumen icce da aka rarake aka tsaga masa baki: jama'a na kiransa ganga, amma iccen ne ke ƙara.

Bayan lambar farko, kowace lamba da ta biyo tana ƙara tace bayani. A ɗauki kalangu, wanda lambarsa ita ce 211.242. Lambar 2 ta farko na nufin fata ce ke ba da sauti. Lambar 1 da ta biyo na nufin bugawa ake yi, sai 1 ta gaba mai nuna cewa bugun kai tsaye ne, da hannu ko da makaɗi. Bayan ɗigo, 2 na nufin jikin dogo ne mai rami, 4 na nufin yana da siririn ƙugu a tsakiya, 2 ta ƙarshe kuma na nufin fuska biyu aka rufe. Kotso, mai irin wannan ƙugu amma fuska ɗaya, lambarsa 211.241. Ta haka mai bincike a wata nahiya zai gane ƙirar abin ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Rikici na tasowa ne idan abin kiɗa ya haɗa sassa na gidaje daban-daban. Goge misali ne mai kyau. Yana da ƙoƙo, an rufe ƙoƙon da fata kamar ƙaramar ganga, sannan ga tsirkiya ta gashin wutsiyar doki. Ɗalibi na iya ganin fatar ya yanke hukuncin cewa rabinsa membiranofon ne. Wannan kuskure ne. Idan mai goge ya ja izga, tsirkiyar ce ke fara girgiza, sai ɗan iccen da ta hau kansa, wanda ake kira jaki, ya isar da girgizar ga fata, fatar da ƙoƙon su ƙara mata ƙarfi. Aikin fatar na mai sanƙira ne, maganar ta wani ce.

Akwai hanya mai sauƙi ta gwadawa. A danne fatar da tafin hannu a ja izga, za a ji sautin ya raunana amma waƙar tana nan. A riƙe tsirkiyar gam a hana ta motsi, waƙar ta mutu nan take. Sashen da riƙe shi ke kashe sautin shi ne tushe. Wannan hukunci ya shafi garaya, har da kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda jikinsa gwangwani ne da aka rufe da fata.

To amma akwai inda tushen sauti biyu ne na gaskiya. Babbar gangar dundun ta Yarabawa, wadda suke kira iya ilu, ana kewaye bakinta da ƙananan ƙararrawar tagulla masu suna saworo. Duk bugun da aka yi, fata na amsawa, ƙararrawar ma na kaɗawa da muryarsu ta daban. A nan gwajin riƙewa zai nuna abu biyu: a danne fata a girgiza gangar, ƙararrawa na nan suna ƙara, a kwance ƙararrawar, ganga na nan tana magana. Hornbostel da Sachs sun tanadi mafita ga irin wannan, wato a rubuta lambobi biyu a haɗa su da alamar tarawa. Sai dai mafitar ta bar wa mai rajista shawarar wace lamba zai sa a gaba, kuma wannan shawara ce ke nuna a wane kundi ko ɗaki za a ajiye abin.

Mafi wuya shi ne abin da sashe ɗaya nasa ke sauya gida gwargwadon yadda aka taɓa shi. Shantu, dogon duman nan mai buɗaɗɗen baki ta gefe biyu da mata ke kaɗawa, idan aka buga bakinsa a cinya aka rufe ɗaya bakin da tafi, iskar da ke ciki ce ake matsawa ta ba da amo mai zurfi, wanda halin eyarofon ne. Idan kuma aka ƙwanƙwasa jikinsa da zobe ko yatsu, ɓawon ne ke ƙara, ya koma idiyofon. Udu, tulun yumɓu mai rami a gefe da ake kaɗawa a kudu maso gabashin Nijeriya, shi ma haka yake: marin ramin na fitar da sautin iska, bugun cikin tulun na fitar da na yumɓu. Wanda ya tarar da su ajiye cikin gilashi, ba tare da ya ga mai kaɗawa ba, ba zai iya ba su cikakkiyar lamba ba.

Saboda haka mai rajista da ya san aikinsa yana rubuta abu uku: lambar abin, sunan da masu shi ke kiransa, da bayanin yadda ake kaɗa shi. Lambar ba ta ɗauke da labarin cewa tambari da kakaki na sarauta ne, ko cewa a al'ada kalangu na mahauta ne, garaya kuma ta mafarauta da 'yan bori. A fada, tambari ya fi kusa da kakaki, ko da yake ɗaya na gida na 2 ne ɗaya na gida na 4. Irin wannan bayani sai a bakin makaɗan da kansu ake samunsa.