Ma'ajin Ƙungiya, Kada Ki Bar Kuɗin Jama'a a Bakin Waya Ɗaya

Yau zancenmu da uwargidan da aka ɗora wa riƙon kuɗin ƙungiya ne, ko ta adashi, ko ta zumunta, da kuma 'yarta 'yar makaranta wadda ke taya ta latsa waya.

A da, uwar adashi littafi gare ta, kowa ta kawo zubi a rubuta a gaban idonta. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, mata da yawa sun koma tura kuɗi ta banki, sannan su aika hoton rasit a zauren WhatsApp na ƙungiya. To, ashe littafin ya koma cikin waya ke nan. Ran da wayar ta faɗa rijiya, ko aka zare ta a kasuwar Dutsin-Ma, me za ki nuna wa mutane?

Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da waɗannan biyu, ba a fara maido su ba sai wajen ƙarshen shekarar. Wadda wayarta ta lalace a lokacin ba ta da hanyar ɗauko komai daga ko'ina. Wadda ke da takarda a akwati kuwa, ko a jikinta.

Abubuwa biyu ne za ki riƙa yi, kuma kada ki haɗa su, don kowanne da aikinsa.

Na farko shi ne ajiya, wato WhatsApp ya kwafi dukan hirarrakinki ya adana a asusunki na Google. A wayar Android, irin su Tecno da Infinix da Itel, ki shiga `Settings`, sai `Chats`, sai `Chat backup`. Ki zaɓi asusunki, ki sa ya riƙa ajiya kullum, sannan ki danna `Back up`. A nan za ki ga ranar da aka yi ajiyar ƙarshe. In kin ga ta kai wata guda, akwai matsala: ko dai an ce sai da Wi-Fi zai yi alhali ke da data kike aiki, ko kuma wuri ya cika. Tun 2024 wannan ajiya tana cin rabonta ne daga cikin gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, tare da wasiƙu da hotuna. Bidiyon biki shi ne babban mai cinye wurin, saboda haka ki kashe `Include videos`.

Amma ki sani, ba a buɗe wannan ajiya a karanta. Amfaninta kawai a maido da hira cikin sabuwar waya, lokacin da ake saka WhatsApp, da lambar nan taki da kuma asusun nan na Google. Sau da yawa mai shagon waya ne ko wani yaro ya buɗe wa uwargida asusun, ita ba ta ma san kalmar sirrin ba. Yau ɗin nan ki nemi sunan asusun da kalmar, ki rubuta, ki ɓoye inda kike ɓoye sarƙarki.

Na biyu shi ne fitar da hira, wanda shi ne ainihin aikin ma'aji. Ki buɗe zauren ƙungiya, ki danna ɗigo ukun nan na sama, sai `More`, sai `Export chat`. Zai tambaye ki `Without media` ko `Include media`. Na farko rubutu zalla zai ba ki, har saƙo 40,000 na baya-bayan nan. Na biyu zai haɗa da hotuna da saƙon murya, amma iyakarsa saƙo 10,000, kuma yana da nauyi: Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a wasiƙa ɗaya. Abin da ya fito ana iya karanta shi a kowace waya, a kuma buga shi a takarda, sai dai ba a mayar da shi cikin WhatsApp.

Ga inda mata ke tuntuɓe. Mu ɗauka ku 20 ne, 12 a Dutsin-Ma, 8 a Kurfi, kowa na zuba naira 5,000 a wata, kwasa naira 100,000. Kin fitar da rubutu zalla, sai ki tarar da wannan:

```
03/03/2025, 19:42 - Inna Kurfi: <Media omitted>
03/03/2025, 19:50 - Ma'aji: Inna Kurfi, N5,000, zubin Maris, ya shigo
```

Layin farko hoton rasit ne, amma babu abin da ya rage sai shaidar cewa an aiko wani abu. Haka saƙon murya ma yake zama. Layi na biyu shi ne ya cece ki. Saboda haka ki mayar da shi ɗabi'a: duk wadda ta aiko rasit ko ta yi magana da murya, ki duba asusun banki tukuna, in kuɗi ya shiga ki amsa da rubutu, suna da adadi da wata.

Yanzu ƙarshen wata ya zo, an aiko rasit 20, amma banki ya nuna naira 95,000. Ba sai an tada jijiyar wuya ba. Ki ƙirga layukan da kika rubuta "ya shigo", za ki samu 19. Wadda ba ta da layi, ki buɗe hoton rasit ɗinta ki dubi kwanan wata da lambar da ke jiki. Wataƙila na Fabrairu ta sake turowa bisa kuskure, wataƙila kuma kuɗin ya fita ya koma mata. Ki kira ta a gefe, a gyara, zumunci bai taɓu ba.

Akwai abubuwa biyu da ke ɓata wannan aiki. In an kunna `Disappearing messages` a zauren, saƙo zai riƙa gogewa bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90, abin da ya goge kuwa ba zai fito ba. In kuma an kunna `Advanced chat privacy`, wanda ya zo a 2025, za a hana fitar da hirar gaba ɗaya. Ki danna sunan zauren ki tabbata duka biyun a kashe suke. Gara ma a buɗe zaure dabam na kuɗi kawai, a bar gaisuwa da sanarwar suna a wancan.

Wani abu kuma, rubutun da aka fitar kowa na iya canza shi, har ke kanki. Don kada a zarge ki, ranar da kika fitar ki tura wa shugaba da sakatariya, ɗaya a Kurfi, ɗaya a Dutsin-Ma. Ki sa 'yarki ta kai a buga shafukan watan a shagon buga takardu, ta tsaya har a goge shi daga kwamfutarsu, don akwai sunaye da lambobin matan mutane a ciki. Ku uku ku sa hannu a ranar taro, a manna a littafi, tare da takardar banki ta watan.

Ki tsai da rana ɗaya, wato ranar kwasa, kafin a miƙa kuɗi. Wadda ta yi haka, ko waya ta ɓata, amanarta tana nan. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Sai mako mai zuwa.