Buhun shinkafa mai kilo 50,000

Mai sayar da kaya ta intanet ya karɓi jerin kaya daga dillalai uku. A layin buhun shinkafa, na farko ya rubuta "50kg", na biyu "50 KG", na uku kuma "50000" tsirararta, yana nufin giram. In aka ɗora haka, mai saye zai ga buhu mai kilo 50,000, ko manhaja ta ƙi lissafa kuɗin dako don ta ɗauki "50kg" rubutu ne.

Maganin shi ne a raba ginshiƙi biyu, ɗaya na lamba zalla, ɗaya na ma'auni, a mayar da komai kilo. Giram a raba shi da 1,000. Sannan a jera lambobin daga babba zuwa ƙarami. Wadda ta fita zakka za ta bayyana a sama ko a can ƙasa. "Katan" kuwa ya fi wuya, sai an tambayi dillali guda nawa ke ciki.

Haruffa ba su da wannan wahalar. A Excel, TRIM na cire tazarar da ta yi yawa, PROPER na girmama harafin farko. Sai dai PROPER ba ya tunani: "USB" zai koma "Usb", a gyara da hannu.

Gurbin da aka bari fanko kada a cike shi da sifili, don farashin sifili kyauta ke nan. A ware layin, a kira dillali, kada kayan su fito sai ya amsa.