Shimfiɗar Cikin Takalmi: Ta Kanti Ko Ta Awo?

Shimfiɗar da ake sanyawa cikin takalmi don tallafar tafin ƙafa iri biyu ce. Akwai ta kanti, wadda ake saye bisa lambar takalmi. Akwai kuma ta awo, wadda ƙwararre yake ƙerawa bayan ya ɗauki siffar ƙafar mutum da filasta ko da na'ura, kuma kuɗinta ya ninka na ta kanti sau da yawa. Wannan maƙala za ta nuna cewa irin ciwon ne ya kamata ya raba gardama tsakaninsu.

A ɗauki misalin malamin makaranta mai yini a tsaye, wanda dunduniyarsa take sukarsa a takun farko da asuba, sa'an nan ta lafa in ya ɗan yi tafiya. Galibi wannan alama ce ta wahalar jijiyar da ta tashi daga dunduniya zuwa gindin yatsu. A shekarar 2006 Landorf da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi a Ostireliya a kan mutum 135 masu wannan ciwo. Bayan wata 3, ta kanti mai ƙwari da ta awo sun ba da sauƙi kusan iri ɗaya. Bayan wata 12 kuwa, ba wadda ta fi shimfiɗar bogi. Saboda haka malamin nan ya fara da ta kanti. Ya zaɓi wadda tudun tsakiyarta ba ya lotsawa in an danna da babban yatsa, ya cire ta asalin takalmin don kada ya matse shi, ya riƙa sanyawa awa ɗaya ko biyu da farko yana ƙarawa, yana kuma miƙar da sha-raɓarsa kullum. In an yi mako 6 zuwa 8 ba sauƙi, sai ya nemi likita.

Amma fa ba haka abin yake ba ga mai ciwon sukari wanda tafin ƙafarsa ya daina jin taɓi, balle in yatsunsa sun tanƙware ko ya taɓa yin gyambo. Shi wannan ba ya jin takalmi yana cinsa, har kanta ta fito, miki ya ɓarke ƙarƙashinta, wani lokaci ya kai ga yanke ƙafa. Ta awo ana rarake ta daidai wurin da nauyi ya taru, a rarraba shi ga sauran tafin. A nan kuɗin ya biya, muddin yana sanya takalmin kullum, har cikin gida, yana kuma duba ƙafarsa kowane dare. Ja, bororo ko sabuwar kanta alama ce cewa shimfiɗar tana bukatar gyara.

A taƙaice, ƙafar da take jin zafi ta fara da ta kanti. Wadda ta daina ji, ko siffarta ta jirkice, ita ce ta cancanci ta awo.