Lissafin da ya sauya wa wata ɗaliba tsarin karatu

A yawancin jami'o'in Najeriya, wanda ya ci maki 70 zuwa sama A gare shi, mai daraja 5. Maki 60 zuwa 69 B ne, daraja 4. 50 zuwa 59 kuma C, daraja 3. Ana ninka darajar da yunit ɗin kwas, a tara, a raba da jimillar yunit, shi ne CGPA. Ɗalibai sun san wannan, amma kaɗan ne ke zama su lissafa tun jarrabawa ba ta zo ba.

Wata ɗaliba 'yar aji biyu ta gama shekarar farko da yunit 36 da jimillar daraja 120, wato 3.33. Burinta 3.50, inda digiri mai daraja ta biyu ta sama yake farawa. Zango ya raba tsakiya, sakamakon gwaji ya fito, ta ga 12 cikin 30 a kwas ɗin da ya fi ba ta wuya. Har ta fara cewa bana kam an wuce wurin.

Sai ta ɗauki biro. Kwas shida take yi, kowanne yunit 3, jimilla 18. Idan aka haɗa da na bara sun zama 54, kuma 54 sau 3.50 shi ne 189. Tana da 120 a hannu, saura 69. B biyar za su ba ta 60, C ɗaya ya ba ta 9. Ashe ko A ɗaya ba ta buƙata.

Daga nan ta bi kwas-kwas. Mai wuyar nan, 38 cikin 70 a jarrabawa ya isa ya kai ta C. Inda take da 20 a gwaji, 40 za ta nema ta samu B. Matsalar tana wasu biyu da ta ci 15, domin kowannensu sai ta kawo 45, kuma su ne ba ta ko buɗewa, duk darenta yana ƙarewa a kan mai wuyar.

Ta daina kwana a aji tana gyangyaɗi a kan littafi. Bayan sallar asuba ta ware awa biyu ga waɗannan biyun, tana amsa tambayoyin shekarun baya da agogo a gabanta, littafi a rufe, sannan ta buɗe ta ba kanta maki. Mai wuyar ta mayar da shi yamma, tare da ƙawayenta.

A ganina lissafin nata ya yi ɗamas da yawa, ba rara ko kaɗan: B ɗaya ya zame zuwa C, ta tsaya a 3.44. Gara a nemi A a kwas ɗin da aka fi ƙarfi, ya zama kariya. Kafin ki yi naki, ki tambayi malamin kwas yadda yake raba maki, domin a wasu sassan gwaji 40 ne, jarrabawa 60.