Ko Kun Sani? Bakuna Biyu, Hanya Biyu

A watan Agusta na 1346, a filin Crécy da ke Faransa, maharban Ingila masu dogon baka sun tarwatsa sojan hayar Genoa masu baka mai kunama. Sirrin shi ne sauri. Kafin mutumin Genoa ya taka bakansa da ƙafa, ya ɗana tsirkiya, ya ɗora kibiya, maharbin Ingila ya riga ya saki uku ko huɗu. Ga shi kuma manyan garkuwoyin da 'yan Genoa kan laɓe a bayansu an baro su cikin kaya.

Amma dogon baka tsada ne da shi, tsadar shekaru. Tun yana yaro ake horar da maharbi, har ƙashin hannunsa ya yi kauri, shi ya sa Sarki Edward III na Ingila ya wajabta atisaye a 1363. Baka mai kunama kuwa, cikin 'yan makonni ɗan birni ya iya shi. Ya ɗana, ya jira a bayan ganuwa ba gajiya, ya kayar da barde mai sulke. A ganina nan ne ya fi ban tsoro, domin duk garin da ke da kuɗi ya samu maharba.